Babi na Bakwai: Inda Saurin Intanet Yake Maƙalewa

Me ya sa mutum zai biya kuɗin intanet mai sauri, a kafa masa na'urori, a gwada a gabansa ya ga lamba mai daɗin gani, amma da ya koma kan kwamfutarsa sai ya tarar da ita tana jan ƙafa kamar ba a canza komai ba? Wannan tambaya ta fara yawa a bakin masu shagunan buga takardu da masu sayar da tikitin wifi da ma'aikatan ofisoshi a Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, musamman tun da Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar cikin watan Maris na 2025, bayan da ya riga ya shiga Najeriya a farkon 2023. Kafin lokacin, abin da yake isa hannun yawancin mutane ta layukan Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms bai cika kai matakin da zai tona asirin kayan da ke cikin gida ba, domin tsohuwar na'ura tana iya ɗaukar ɗan abin da ya samu ba tare da ta nuna gazawa ba. Sai da sauri ya ƙaru daga waje sannan aka fara ganin cewa matsalar tana iya kasancewa a kan tebur, cikin wani ɗan akwati da aka saya shekaru da suka wuce aka manta da shi.

Hanyar da saƙo yake bi

Duk abin da ya bayyana a fuskar kwamfuta, hoto ne ko bidiyo ko takarda, ya ratso na'urori da yawa a jere kafin ya iso. Daga faranti ko eriyar da ke kan rufi yana shiga rauta, wato akwatin da ke karɓar intanet ya rarraba shi ga masu amfani. Daga nan ya bi kebul, wataƙila ya ratsa suwic, wanda shi kuma akwati ne mai kafofi da yawa da ake ƙara yawan wuraren jona waya da shi. A ƙarshe ya shiga kwamfuta ta kafarta ta ainihi ko ta wata adafta da aka soka mata. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da iyakar abin da za ta iya wucewa da shi a daƙiƙa guda, kuma saurin da mutum yake samu a ƙarshe ba ya taɓa wuce na wadda ta fi kowa ƙarancin iyaka. Manomin albasa a Galmi ya san wannan tun ba yau ba: idan ya sayi babban injin ban-ruwa mai baki inci uku ya ɗaura masa siririn tiyo, ruwan da zai isa fangali na tiyon ne, ba na injin ba, kuma man da injin ya sha ya riga ya sha.

Ana auna wannan iyaka da megabit a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Mbps a jikin kwali da fuskar waya. A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar tun da wuri, domin girman fayil da megabayit ake faɗinsa, kuma bayit ɗaya bit takwas ne. Saboda haka kafar da ke ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa ba za ta wuce megabayit 12.5 ba ko da a lissafin takarda, kuma wanda ya ga ana sauke masa fayil da 11 ko 12 a daƙiƙa bai kamata ya ɗauka an cuce shi ninki takwas ba. Abin da ya gani shi ne iyakar kafar, an dai faɗe ta da wani ma'auni ne.

Lamba 94

Kafar kebul mai megabit 100 tsohuwar fasaha ce da aka daidaita ƙa'idarta a shekarar 1995, kuma a jikin na'urori ana gane ta da rubutun 10/100 ko Fast Ethernet, sunan da ya dace da ita a zamaninta amma yake yaudarar mai saye a yau. Wadda ta gaje ta, mai megabit 1000 ko gigabit ɗaya, ta fito a 1999, ana kuma rubuta ta 10/100/1000 ko Gigabit. A ido ba su da bambanci ko kaɗan, domin raminsu ɗaya ne, kan kebul ɗin da ke shiga cikinsu ma ɗaya ne, shi ya sa mutum zai shekara yana amfani da ƙaramar bai sani ba.

Abin da ke tona ta shi ne lambar da take bayarwa idan aka yi gwajin sauri. Bayanai ba sa tafiya a kebul a dunƙule, ana yanka su ne ƙunshi-ƙunshi, kuma kowane ƙunshi yana ɗauke da adireshi da alamomin tantancewa da ɗan tazara tsakaninsa da na bayansa. Cikakken ƙunshi yana cin wurin bayit 1538 a kan waya, amma abin da yake ainihin saƙon mai amfani a ciki bai wuce bayit 1460 ba, wani lokaci ma 1448. Idan aka raba ƙaramar lamba da babbar za a samu kashi 94 zuwa 95 cikin ɗari, wannan ne ya sa kafar megabit 100 take tsayawa a kan 94 ko kusa da haka, kafar gigabit kuma a wajen 940. Ba laifin kamfani ba ne, ba kuma lalacewa ba ce, haka aka gina tsarin.

Amfanin sanin wannan lamba yana da girma, domin intanet na tauraron ɗan'adam da na layin salula ba sa tsayawa wuri ɗaya: da asuba su hau, da almuru lokacin da kowa ya koma kan waya su sauka, hadarin damina ma ya taɓa su. To idan aka gwada da safe aka ga 94, aka gwada da tsakar dare aka ga 93 ko 94, aka sake gobe aka ga haka, alhali wayar salula da ke kusa da rauta tana nuna 180 yanzu, an jima 230, babu sauran shakka cewa akwai kafar megabit 100 a wani wuri a kan hanya. Lambar da ba ta motsi shaidar iyakar na'ura ce. Haka nan idan ta tsaya a kan 9 da ɗoriya, kafar ta faɗa matakin megabit 10 ke nan, wanda galibi alamar lalatacciyar waya ce.

Abin da kwali ba ya faɗa da ƙarfi

Yawancin rautocin da suka cika kasuwannin iyaka, waɗanda ke shigowa daga Kano da Sakkwato ta Illelar Najeriya ko kuma daga Yamai, an buga musu manyan lambobi a gaban kwali, kuma lambobin na wifi ne, ba na kafar kebul ba. TP-Link TL-WR840N da TL-WR841N suna ɗauke da rubutun 300Mbps, amma duk kafofinsu 10/100 ne, har da kafar WAN wadda intanet yake shigowa ta cikinta. Archer C50 ma, mai rubutun AC1200, kafofinsa na megabit 100 ne, alhali ɗan'uwansa Archer C6 mai irin wannan rubutu na gigabit ne. Ma'anar wannan ita ce, duk ƙarfin wifin rautar, abin da take rabawa shi ne abin da ya iya shigowa ta kafar WAN, kuma bai wuce 94 ba. Gaskiyar magana tana nan a rubuce, sai dai a gefen kwali ne da ƙananan haruffa, inda mai saye bai cika dubawa ba, mai sayarwa kuma sau da yawa shi ma babbar lambar ya sani.

Masu sayar da tikitin wifi suna da nasu tarkon. Na'urar da suka fi dogara da ita wajen buga tikiti da ƙayyade lokaci ita ce MikroTik, kuma masu araha a cikinta, wato hAP lite da hEX lite, kafofinsu duka 10/100 ne, yayin da hEX mai lamba RB750Gr3 take da kafofin gigabit guda biyar. Kalmar lite kaɗai ce ta raba sunayen hEX ɗin biyu, amma tazarar da ke tsakaninsu ninki goma ce. Eriyoyin waje da ake ɗaurawa a kan dogon ƙarfe domin su watsa wifi cikin unguwa, irin su CPE210 da NanoStation M5, su ma kafar megabit 100 gare su, haka kuma ɗan akwatin da ke tura musu wuta ta cikin kebul yana iya zama na megabit 100 ko da eriyar kanta ta gigabit ce.

A ɓangaren kwamfuta, tsufa ba shi ne ma'auni ba, kuma a nan mutane da yawa suke kuskure. Tsofaffin kwamfutocin ofis da ake kawowa na hannu, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, yawancinsu da kafar gigabit aka ƙera su tun fiye da shekara goma da suka wuce, alhali wasu ƙananan kwamfutocin gida masu araha da suka fito bayansu an bar su da kafar megabit 100 domin a rage farashi. A cikin Windows sunan kafar yakan faɗi gaskiya: Realtek PCIe FE Family Controller ta megabit 100 ce, Realtek PCIe GbE Family Controller kuwa ta gigabit. Talabijin na zamani ma, har da masu tsada, galibi kafarsu 10/100 ce, sai dai wannan bai cika damun kowa ba tun da kallon bidiyo ba ya buƙatar fiye da haka.

Adaftar USB mai araha

Kwamfutocin tafi-da-gidanka sirara ba su da kafar kebul ko kaɗan, wasu kuma tasu ta ƙone sakamakon tsawa ko hawa da saukar wuta, saboda haka ake sayen ƴar adafta mai kan USB a gefe guda da ramin kebul a ɗaya gefen. A nan iyaka biyu ce take haɗuwa, ta kafar kebul da ta USB ɗin kanta, kuma ƙaramar ce take yin hukunci. USB 1.1 na shekarar 1998 megabit 12 yake ɗauka, USB 2.0 na shekarar 2000 yana ɗaukar 480, USB 3.0 na 2008 kuma 5000, dukkansu a lissafin takarda, abin da ake samu a aikace bai kai haka ba.

Mafi muni a cikin adaftocin su ne waɗanda aka gina a kan ƙwaƙwalwar da ake kira RD9700 ko QTS1081B, waɗanda ake sayarwa da rubutun USB 2.0 da 10/100 a jikin leda alhali a matakin USB 1.1 suke aiki. Irin wannan adafta ba ta cika wuce megabit 5 zuwa 8 ba, wato wanda ya jona ta a kan intanet mai megabit 200 bai samu ko kashi biyar cikin ɗari na abin da ya biya ba, kuma da wifin kwamfutar ya yi amfani da ya fi masa. Sama da su akwai masu gaskiya na megabit 100, irin masu ƙwaƙwalwar RTL8152 ko AX88772, waɗanda suke kai 94 su tsaya. Na gigabit na ainihi, masu RTL8153 ko AX88179, suna buƙatar ramin USB 3.0 kafin su nuna ƙarfinsu, kuma idan aka soka su a ramin USB 2.0 za su yi aiki amma su tsaya a wajen megabit 300. Shuɗin launi a cikin kan USB alama ce ta 3.0 bisa al'ada, sai dai roba ce kawai da kowa zai iya rinawa. Abin da ya fi tabbas shi ne a leƙa cikin kan a ƙirga: USB 2.0 ƙarafa huɗu gare shi, 3.0 kuwa yana da ƙarin biyar a can ciki.

Ƙananan adaftocin wifi masu girman farce, waɗanda aka rubuta wa 150Mbps, su ma suna cikin wannan sahu. A zangon 2.4 GHz kaɗai suke aiki, eriyarsu ɗaya ce kuma ƙarama, sau da yawa a kan 72 suke ƙulla alaƙa da rauta, abin da ke isa ga mai amfani kuma bai cika wuce 30 zuwa 45 ba, ko da yana zaune a gindin rautar.

Kebul mai wayoyi huɗu

Akwai kuma halin da duk na'urorin na gigabit ne amma lamba 94 ta ƙi tafiya, kuma a nan kebul ake zargi. A cikin kebul na Cat5e ko Cat6 akwai siraran wayoyi takwas da aka murɗe bibbiyu. Megabit 100 huɗu kawai yake amfani da su, wato na ɗaya da na biyu da na uku da na shida, gigabit kuwa sai dukkan takwas ɗin sun kasance lafiya. Idan ɗaya daga cikin sauran huɗun ta tsinke, ko mai matse kan kebul bai tura ta har ƙarshe ba, na'urorin biyu ba sa yanke alaƙa, galibi sai su koma megabit 100 a tsakaninsu ba tare da wani gargaɗi ba. Intanet yana aiki, fitila tana ƙyaftawa, babu wanda zai ce akwai matsala. Gajerun kebul ɗin da ake samu kyauta a kwalin rauta mai araha wani lokaci ma wayoyi huɗu kawai aka sa musu tun daga masana'anta, kuma ana iya ganin haka ta cikin robar kan idan aka ɗaga shi zuwa haske.

Yanayin yankin yana ƙara wa wannan matsala ƙarfi. Kebul da aka shimfiɗa a kan kwanon rufi yana shan zafin bazara har robarsa ta bushe ta tsage, ɓera yana gwaguyar wanda aka bi da shi ta bayan kabad, ƙurar hunturu tana cika ramukan da aka bari a buɗe, ganyen ƙofar ƙarfe kuma yana datse wanda aka ratsa ta ƙarƙashinsa. Ga kuma kebul mai araha da aka yi da alminiyam aka shafa masa jan ƙarfe a sama, wanda ake rubuta wa CCA, mai saurin karyewa a wurin matsewa. Iyakar tsawon kebul tsakanin na'ura da na'ura mita 100 ce, kuma wannan lissafi na jan ƙarfe tsantsa ne.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka cewa akwai wani shago a bakin babbar hanyar da ta ratsa Birnin Ƙonni daga Doso zuwa Maraɗi, inda ake buga takardu, ana tura wa mutane fina-finai da karatuttuka a waya, ana kuma sayar da tikitin wifi. Mai shagon ya sa Starlink, ya jona shi da tsohuwar hAP lite da yake buga tikiti da ita, daga nan kebul ya tafi suwic mai lamba TL-SF1008D, daga suwic kuma aka raba wa kwamfutar tebur da eriyar waje da wata kwamfutar hannu mai adaftar USB. Lambobin da za su biyo baya na misali ne, amma tsarin binciken haka yake a ko'ina.

Matakin farko shi ne a san abin da yake shigowa kafin a zargi kowa. Ana tsayawa kusa da rautar Starlink da wayar salula ta zamani da ke kama zangon 5 GHz, a dakatar da sauran masu amfani, a yi gwaji a fast.com ko speedtest.net sau uku a lokuta dabam-dabam. A ce an samu wajen 220. Daga nan sai a koma kan kwamfutar tebur, inda aka ga 94, sai kwamfutar hannu, inda aka ga 6. Tun kafin a taɓa komai, lambobin biyu sun riga sun ba da labari: akwai kafar megabit 100 a hanyar ta farko, akwai kuma USB 1.1 a hanyar ta biyu.

Mataki na biyu shi ne a tambayi kwamfutar matakin da ta ƙulla alaƙa a kai. A Windows ana buɗe PowerShell a rubuta wannan umarni, wanda yake aiki ko da kwamfutar da Faransanci take magana:

```
Get-NetAdapter
```

A ƙarƙashin LinkSpeed za a ga 100 Mbps ko 1 Gbps. A Linux kuwa waɗannan biyu sun wadatar, na farko domin kafar kebul, na biyu domin USB, tare da sauya eth0 da sunan da kafar take da shi a kwamfutar:

```
ethtool eth0
lsusb -t
```

Umarni na biyun yana nuna 12M ko 480M ko 5000M a ƙarshen layin kowace na'ura, kuma adaftar da ta nuna 12M ta fallasa kanta, komai abin da aka rubuta a ledarta. A Windows ana gane wannan nau'i da lambar shaidarsa, VID_0FE6&PID_9700, a cikin bayanan na'urar. Sai dai akwai abin lura a nan: LinkSpeed yana faɗin matakin da ke tsakanin kwamfuta da na'urar da ke kusa da ita ne kawai. Kwamfuta tana iya nuna 1 Gbps da suwic na gigabit alhali can gaba, tsakanin suwic da rauta, hanyar ta ƙuntata. Haka kuma adaftar bogi tana iya nuna 100 Mbps a ɓangaren kebul alhali USB ɗinta ya shaƙe ta a kan 6.

Mataki na uku shi ne cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ana ɗaukar kwamfutar tebur, wadda sunan kafarta ya nuna ta gigabit ce, a jona ta kai tsaye da rautar Starlink da gajeren kebul mai wayoyi takwas. Rautar ƙarni na uku tana da kafofi biyu a bayanta, ta ƙarni na biyu kuwa ba ta da ko ɗaya sai an sayi adaftarta ta musamman. Idan aka ga 220, kwamfutar ta fita daga zargi. Sai a mayar da hAP lite tsakani, lamba ta faɗo 94, an kama ta farko. Mai shagon da ya tsaya a nan ya sayi RB750Gr3 zai yi mamakin ganin 94 ba ta tafi ba, domin suwic ɗin ma na megabit 100 ne, kuma harafin F a cikin SF shi ne alamar, yayin da na gigabit suke ɗauke da SG, kamar TL-SG108. Ƙunci biyu a jere ba sa nuna kansu tare, sai an kawar da na farko na biyun yake bayyana, wannan ne ya sa ya fi kyau a bi hanyar duka a rubuta iyakar kowace na'ura kafin a kashe ko dala.

Bambancin a aikin yau da kullum ba ƙarami ba ne. Fayil mai gigabayit 4 yana sauka cikin kusan minti biyu da rabi a kan megabit 220, yana cin minti biyar da daƙiƙa arba'in a kan 94, a kan adaftar megabit 6 kuwa sai ya kwashe kusan sa'a ɗaya da rabi. Idan mutum talatin suna kan wifi a lokaci guda kuma duk suna jan bidiyo, rabon kowa daga 94 bai wuce megabit 3 da ɗan kai ba, daga 220 kuwa ya haura 7. Ta fuskar kuɗi, 94 kashi 43 ne cikin ɗari na 220, wato idan ana biyan jikka talatin a wata, misali, kimanin jikka goma sha bakwai ana biyan su ne domin saurin da ba ya wuce bakin tsohuwar rauta, kuma ana maimaita haka kowane wata, alhali sayen rauta da suwic na gigabit sau ɗaya ake yi.

Inda canji ba shi da amfani

Bai kamata a fahimci wannan bayani a matsayin umarnin zubar da duk abin da aka rubuta wa 10/100 ba, domin a wurare da yawa tsohuwar kafa ba ta tauye kowa. Ofishin da ke Badagishiri ko Dogarawa wanda yake samun megabit 15 ko 30 daga layin salula ba zai ƙaru da komai ba idan ya sayi rautar gigabit, tun da abin da ke shigowa bai kai rabin iyakar kafar ba, kuma kuɗin ya fi amfani a wajen ɗaga eriya ko sayen batir. Adaftar megabit 6 ce kaɗai take cutarwa ko a irin wannan wuri. Haka nan kafar megabit 100 tana ɗaukar 100 zuwa da 100 dawowa a lokaci guda, kuma tun da saurin turawa a Starlink na gida bai cika kai rabin haka ba, wanda aikinsa tura takardu da hotuna ne ba zai ga wani bambanci ba. Wanda kuma yake sayen intanet da awo, gigabayit kaza a kuɗi kaza, ya sani cewa ƙaramar kafa ba ta cin masa ko megabayit ɗaya, lokacinsa kawai take ci.

Matsayin kafar a kan hanya ya fi yawanta muhimmanci. Kafar megabit 100 a jikin firinta ko talabijin ko kwamfutar mai buga takardu ita kaɗai take shafa, kuma 94 ta ishe ta har da saura. Wadda ke gindin hanya, wato kafar WAN ta rauta ko wadda ta haɗa rauta da suwic, ita ce take ƙayyade wa kowa, saboda haka daga nan ake fara gyara. Eriyoyin waje ma ana iya barinsu yadda suke idan suna da yawa kuma kowace tana da nata kebul zuwa suwic na gigabit, domin uku masu 94 kowace sun isa su cinye 220 a tsakaninsu. Akwai kuma mafita ta biyu wadda masu sayar da kaya ba su cika ambata ba: wanda ba shi da niyyar canza na'urorinsa, kuma akwai tsarin biya mai rahusa da ya yi daidai da abin da suke iya ɗauka, komawa kansa ya fi ci gaba da biyan babba.

Da zarar an tabbatar kebul da kafofi suna wucewa da duk abin da ya shigo, sauran ƙorafin da zai rage yawanci na masu wayar salula ne, waɗanda suke samun sauri a tsakar gida su rasa shi da sun shiga ɗaki. Babi na gaba zai duba yadda katangar laka da bulon siminti da ƙofar ƙarfe suke rage ƙarfin wifi, da bambancin zangon 2.4 GHz da na 5 GHz, da kuma wurin da ya dace a ɗora rauta a gida mai sassa da yawa.